Kafin Sabuwar Waƙa Ta Shiga Majami'a: Tambayoyin da Marubuci Zai Yi wa Daftarinsa

Mai karanta littafi yana da damar da mai raira waƙa a majami'a ba shi da ita. Idan jimla ta shige masa duhu, sai ya koma baya ya sake karantawa. Jama'ar da ke tsaye suna waƙa kuwa sau ɗaya kowane ɗango ke wucewa ta bakinsu, numfashi ɗaya, sai na gaba ya iso. Abin da ba su fahimta ba a wannan ɗan lokaci ya wuce ke nan. Kuma kalmomin ba nasu ba ne, wani ne ya zauna ya rubuta, ya ce su faɗa wa Allah. Wannan ne ya sa nake ganin wanda ya rubuta waƙar sujada bai gama aiki ba ranar da ya kai baitin ƙarshe. Sai ya ajiye takardar ta kwana biyu, ya dawo ya yi mata tambayoyi kamar ba shi ya rubuta ba.

Damuwar ba ta yau ba ce. A shekarar 1780 John Wesley ya fitar da littafin waƙoƙi 525 domin mabiya Metodis a Ingila, yawancinsu na ƙanensa Charles, wanda ya rubuta waƙoƙi fiye da 6,000 a rayuwarsa. A gabatarwar littafin, cikin abubuwan da John ya bugi ƙirji da su akwai cewa ba a cusa wata kalma don kawai a toshe ƙafiya ba, kuma babu kalmomin ciko marasa ƙarfi. Ya kuma ce ba a rubuta kalma marar ma'ana ba. Waɗannan ukun, wato ɗango marar kama, ciko, da ƙafiyar dole, su ne har yanzu ke lalata sababbin waƙoƙi, har da waɗanda ake rubutawa da Hausa a Jos, Kaduna, Gombe ko Maraɗi.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Ga baiti da na ƙaga domin wannan bayani, irin wanda mutum zai iya rubutawa don sujadar godiya ta lokacin kaka. Ɗango huɗu ne, kowanne gaɓa takwas:

Ya Allah, kai ne Ubana,
Mun gode dai fa, Sarkina,
Abubuwa ka yi mana,
Har zuciya tana ƙuna.

Ƙirga da yatsu, za ka samu takwas-takwas. Kowane ɗango ya ƙare da "na". A ido komai ya zauna, kuma idan aka sa masa murya mai daɗi da ganga, jama'a za su raira. Amma da ƙyar ka samu ɗango ɗaya a cikinsa da zai tsira idan aka bincike shi.

Tambayar farko ita ce ta ma'ana, kuma da gangan nake sa ta gaba. Wanda ya fara da gyaran ƙafiya sau da yawa yakan ɓata sa'o'i yana goge ɗangon da daga baya zai zubar. Hanyar gwajin mai sauƙi ce: rufe takardar, ka faɗi abin da baitin ke cewa da maganar yau da kullum, kamar wani yaro ne ya tambaye ka a bakin ƙofa. Baitinmu na sama yana cewa: Allah Uba ne, mun gode, ya yi mana wasu abubuwa. Waɗanne abubuwa? Baitin bai faɗa ba. Waƙar kaka ce, amma babu gona a cikinta, babu ruwan sama, babu hatsi. Kana iya ɗaukar ta ka raira a ɗaurin aure, ko a bikin suna, ko ranar Kirsimeti, ba abin da zai canza. Wannan shi ne babban alamar ɗango marar kama: idan za a iya cire shi daga wannan waƙa a dasa a kowace waƙa ba tare da kowa ya lura ba, to bai yi wa wannan waƙar aiki ba.

Akwai kalmomin da ya kamata marubuci ya ja wa layi duk inda ya gan su a daftarinsa: abubuwa, komai da komai, albarka mai yawa, alheri iri-iri, mai girma ƙwarai, ban mamaki. Ba haramun ba ne. Albarka da alheri kalmomi ne na Littafi Mai Tsarki, kuma waƙar sujada ba za ta rabu da su ba. Matsalar ita ce suna zuwa bakin alƙalami da sauri, kafin mutum ya yi tunanin abin da yake nufi. Duk inda ka ja layi, tambayi kanka: wace albarka, yaushe, a ina, wa ya gani? Dubi yadda Zabura ke yi. Zabura ta 65 ba ta tsaya ga cewa Allah ya yi alheri ba, tana maganar kunyoyin gona da suka sha ruwa da kwaruruka cike da hatsi. Ta 23 tana da makiyayi, ciyawa, ruwa, sanda da ƙoƙo. Mai sauraro yana ganin abu da idon zuciyarsa, sannan godiyar ta biyo baya da kanta.

To me manomi ke gode wa Allah a kai? Wanda ya san noma a ƙasashen da ruwa ke jinkiri ya san binne, wato shuka iri cikin busasshiyar ƙasa tun kafin ruwan farko, a koma gida a jira. Idan ruwa ya ɗan yayyafa ya ɗauke, irin ya lalace. Ga abin tsoro na gaske, ga kuma abin godiya na gaske. Sai mu maye gurbin "abubuwa" da wannan:

Mun yi binne cikin gona,
Ƙasa ta sha zafin rana.

Yanzu waƙar ta san ranar da aka yi ta dominta.

A cikin binciken ma'ana akwai wata ƙaramar tambaya da ake yawan mantawa: wa ke magana, kuma da wa? Daftarin farko ya ce "Ubana" da "Sarkina", bakin mutum ɗaya ke nan, amma a tsakani ya ce "mun gode" da "mana", bakin jama'a. Ba wani dalili ne ya kawo wannan sauyi ba illa neman "na" a ƙarshen ɗango. Haka ma wasu waƙoƙi kan fara da "kai", suna magana da Allah, sai a baiti na biyu su koma "shi", suna ba da labarinsa, a na uku su dawo "kai". Ana iya yin haka da niyya, Zabura ma tana yi. Amma ka bi waƙarka da fensir, ka kewaye kowane ni, mu, kai, shi, ka tabbata duk inda aka juya kai ne ka juya, ba ƙafiya ce ta ja ka ba.

Sai ciko. Hausa tana da tarin ƙananan kalmomi masu gaɓa ɗaya ko biyu da ke gyara zance: dai, fa, kam, ma, kuwa, kuma, ai, mana, lalle. A baki suna da amfani sosai, su ke nuna inda mai magana ya dage da inda ya sassauta. A waƙa kuwa su ne abin da hannu ke fara kaiwa idan ɗango ya tsaya a gaɓa shida alhali ana neman takwas. "Mun gode dai fa" ya fito ne daga nan. Saurari abin da "dai" ya yi wa godiyar: mutumin da ya ce maka "mun gode dai" kamar yana da sauran magana a ciki, kamar abin da ka ba shi bai kai ba. Kalmar da aka sa don ta cika gurbi ta rage wa godiyar ƙarfi. Ciko kamar ƙaiƙayi ne a mudu, yana cika ido amma ba ya shiga tukunya.

Gwajinsa shi ne cirewa. Goge kalmar, ka faɗi ɗangon a matsayin magana. Idan ba abin da ya ragu, ciko ce. Idan wani abu ya ragu, bar ta. Wanda ya rubuta "Ni ma ka kira ni" ba zai iya cire "ma" ba, domin duk nauyin ɗangon yana kanta: har ni, da duk abin da na sani game da kaina. Haka "kaɗai" a cikin "kai kaɗai". Don haka ba a korar kalmomin nan gaba ɗaya, ana tambayar kowace ɗaya aikinta.

Ciko mafi wuyar kamawa shi ne wanda ke sanye da rigar ibada. "Ya Ubangiji" gaɓa biyar ce, "Haleluya" huɗu, "Ya Allah" uku, "Amin" biyu, sai ka ga marubuci yana ɗaukar wadda ta dace da ramin da ya rage masa. Wannan abu yana damuna fiye da sauran, domin sunan Allah ne ake mayarwa abin toshe gurbi. Idan ka kira sunansa a ɗango, ya zama akwai dalilin kiran a daidai wurin, kuma sunan da ka zaɓa ya dace da maganar. Baitin da ke maganar ciyarwa ya fi son Uba ko Makiyayi, wanda ke maganar shari'a ya fi son Sarki. Maimaitawar amshi daban take. A waƙoƙin zumuntar mata da na ƙungiyoyin bishara, inda jagora ke bayarwa jama'a na amsawa, amshin da ake ta komawa kansa shi ne ginshiƙin waƙar, shi ke ba wa wadda ba ta iya karatu ba damar shiga. Wannan maimaici ne da aka yi da niyya, kuma shi ya kamata a fi gogewa, tunda shi za a fi faɗa.

Idan ka cire ciko, ɗango zai gajarta, kuma a nan aikin yake. Kada ka nemi wata cikon ta maye gurbi. Gaɓa biyun da suka buɗe wuri ne da za ka sa aikatau mai ƙarfi ko sunan wani abu da ake iya gani.

Yanzu ƙafiya, wadda masana ke kira amsa-amo. A rubutacciyar waƙar Hausa ana ƙulla ta ne da gaɓar ƙarshe, baƙi da wasali tare, kamar "na" da "na" ko "ra" da "ra". Sha'irai sun saba da ƙaramin amsa-amo da ke cikin baiti yana canzawa, da babban amsa-amo da ke rufe kowane baiti daga farkon waƙa har ƙarshe. Hausa ta sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai, kuma sauƙin ne tarkon. Kowane suna za ka iya liƙa masa "na", "mu" ko "ka": Ubana, Sarkina, raina, zuciyarmu, gidanmu. Aikatau da yawa za su karɓi "wa": zaunawa, tsayawa, gafartawa. Kowace jimla kuma za ka iya kore ta ta ƙare da "ba". Mutum na iya cika baiti ashirin da irin wannan bai yi gumi ba, amma kunne ya san kalma ɗaya ce ake ta maimaitawa. Rubuta kalmomin ƙarshen ɗango su kaɗai a gefen takarda, daga sama zuwa ƙasa, ka duba. A daftarinmu: Ubana, Sarkina, mana, ƙuna. Biyu na farko ɗafi ɗaya ne. Na uku ya samu wurinsa ne ta hanyar murɗe jimla, domin ba wanda zai ce "abubuwa ka yi mana" a zance sai in yana amsa tambaya. Bugu da ƙari "na" ɗin "mana" gajere ne, na "Ubana" dogo, don haka ko a kunne ba su yi daidai ba.

Na huɗu shi ne mafi muni. Wataƙila marubucin yana tunanin almajiran nan biyu na hanyar Imuwasu da zuciyarsu ta motsa sa'ad da Yesu ke yi musu bayani, ya so ya ce zuciya ta ɗau zafin ƙauna. Amma Bahaushe in ya ji zuciya tana ƙuna, baƙin ciki ya ji. Jama'a za su tsaya ranar godiya su shaida wa Allah cewa abin da ya yi musu ya ƙona musu rai. Ƙafiya ce ta kawo kalmar, ma'ana ba ta gayyace ta ba. Hanyar gane irin wannan ita ce ka tambayi kowace kalmar ƙarshe: da ba ƙafiya nake nema ba, zan zaɓe ki? A kowane ɗango biyu da suka amsa wa juna, ɗaya ne ya fara zuwa, ɗayan nemo shi aka yi, kuma wanda aka nemo ɗin shi ya kamata a fi tuhuma. Dabarar da ke taimakawa ita ce a fara rubuta ɗangon ƙarshe, wanda ke ɗauke da babbar magana, sannan a tara kalmomin da suka dace da shi kuma suka fito daga cikin batun. Ga waƙar kaka, "na" tana da 'ya'ya na halak: gona, rana, damina, ƙauna, murna. Kowace cikakkiyar kalma ce, kuma duk suna cikin labari ɗaya. Idan kuma aka rasa, gara a bar ƙafiyar. Zabura ba ƙafiya take bi ba, ɗango na biyu ne ke amsa ma'anar na farko, kuma an daɗe ana raira ta.

Mu gwada rufe baitin. Yunƙuri na farko:

Kai ka aiko da damina,
Ka ci da mu domin ƙauna.

A takarda ba laifi. Faɗe shi da ƙarfi sai matsala biyu su fito. "Da damina" yana sa harshe tuntuɓe, da-da, kuma ana iya jin sa a matsayin lokaci, wato ka aiko a lokacin damina, sai mai sauraro ya tsaya jiran abin da aka aiko. "Ka ci da mu" kuma, ko da yake ana nufin ciyarwa, wani zai ji kamar an zauna an ci abinci tare. Dole a tuna cewa a majami'u da yawa na Filato, kudancin Kaduna, Adamawa da Taraba, Hausa harshe na biyu ne ga yawancin masu sujada, kowa da harshen gidansu. Kalmar da ke da fuska biyu, ko tsohuwar kalmar Larabci da sai malamin adabi ya sani, za ta bar mutane da yawa a baya. Ga gyaran:

Mun yi binne cikin gona,
Ƙasa ta sha zafin rana,
Kai ne ka buɗe damina,
Ka ciyar da mu don ƙauna.

Kalmar ƙauna ba abin gani da ido ba ce, amma ta zo ne bayan ɗango uku da suka nuna ta, don haka ta samu wurin tsayawa. Baitin bai ambaci sunan Allah ba, saboda haka amshi ne zai ɗauki wannan nauyi, ya bayyana wane ne "kai".

Saura gwajin da ba a yin sa da ido, wato rairawa, kuma a nan Hausa take da nata sharuɗɗa. Waƙoƙi da yawa na cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce daga Turanci, an ɗora su kan muryoyin da aka tsara wa harshen da ke tafiya da ƙarfin gaɓa. Daga can muka gaji ƙirga gaɓoɓi, irin su 8.8.8.8 ko 8.6.8.6 ko 8.7.8.7. Ƙirgar tana da amfani, amma ba ta isa ba, domin Hausa tana bambanta doguwar gaɓa da gajeriya, tana kuma bambanta kalmomi da hawa da saukar murya. A ce muryar waƙarmu ta fara da ja, wanda ya dace da "Mun". Sai marubuci ya buɗe baiti na biyu da "Gari ya waye da murna". Gaɓa takwas ce cif. Amma "ga" ɗin gari na mutane gajere ne, kuma da zarar murya ta ja shi ya koma garin tuwo. A waƙar hatsi ma! Gyaran shi ne a matsar da kalmar zuwa inda gajeriyar gaɓa ta zauna a baitin farko: "Ga shi yau duk gari murna". Yanzu "gari" ya faɗa daidai gurbin "cikin", gajeriya sannan doguwa. Abin dubawa ke nan: ɗangon farko na kowane baiti a jera su, na biyu ma haka, a raira su ɗaya bayan ɗaya da murya guda, a ga inda aka ja gajeren wasali ko aka haɗiye dogo.

Hawa da saukar murya ba sai an bi shi a kowace gaɓa ba. Mawaƙan Hausa ma ba kullum suke bin sa sau da ƙafa ba, kuma idan murya ta ɗaga ƙarshen "murna" ba wata kalma da za a ruɗa ta da ita. Inda ake taka tsantsan shi ne kalmomin da ke da tagwaye. Kuka na hawaye muryarsa a sama take har ƙarshe, kuka na itace tana sauka. Wuya na wahala tana hawa, wuya na jiki yana sauka. Wanda ya fi kowanne muhimmanci ga mai waƙar sujada shi ne ɗan ƙaramin "ka". Rubuta "Ka ba mu ruwa". Idan aka ja "ka" da murya a sama, godiya ce, an riga an bayar. Idan aka gajarta shi da murya a ƙasa, roƙo ne, ana jira. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna bambancin, muryar waƙa ce za ta yanke hukunci, kuma tana iya mayar da waƙar godiya ta koma ta roƙon ruwa. A baitinmu "Kai ne ka buɗe" shi ya kulle ƙofar, domin ba a roƙo da wannan siga, kuma "ka ciyar" da ya biyo baya ya jingina da shi. Ka ga "ne" ɗin nan gaɓa ɗaya ce, mai kama da ciko, amma cire ta ba zai yiwu a yi da wasa ba.

Marubuci ba ya iya jin duk wannan da kunnensa, domin ya san abin da yake nufi, bakinsa kuma ya saba da lanƙwasa kalmomin su shiga. Saboda haka matakin ƙarshe na bukatar wasu mutane. Ba wa mutum uku ko huɗu daga cikin mawaƙa takardar, a koya musu muryar, kai kuma ka koma gefe da fensir, kada ka raira tare da su, kada ka yi bayani. Duk inda suka yi tuntuɓe, ko suka ja numfashi a tsakiyar kalma, ko wani ya canza kalma bai sani ba, sa alama. Kalmar da bakinsu ya sauya da kansa sau da yawa ta fi wadda ka rubuta zama, don haka rubuta ta a gefe. Bayan sun gama, karɓi takardun ka tambayi ɗaya daga cikinsu, musamman wanda Hausa ba harshen gidansu ba ne, ya faɗa maka abin da baiti na biyu ya ce. Idan amsarsa ta bambanta da abin da ka faɗa wa kanka a gwajin farko, wannan baitin za ka koma ka buɗe kafin a buga waƙar a raba wa jama'a.